Ido ya yi rawaya a hoto: shawara ce ko hasken ɗaki?

"Likita, ƙanena mai shekara 22 yana karatu a Zariya. Ya turo mana hotonsa na ƙaramar Sallah, sai Hajiyarmu ta ce farin idonsa ya yi rawaya, shawara ce ta kama shi. Shi kuwa ya ce lafiyarsa ƙalau. Har ta sa a nemo saiwar rawaya a aika masa. Ana iya gane shawara daga hoto? In ya je asibiti wane gwaji za a yi masa?"

Malama, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Idon uwa ba abin rainawa ba ne, sau da yawa ita ce ke fara ganin canji a fuskar ɗanta kafin shi kansa ya lura. Amma hoto shi kaɗai ba ya tabbatar da shawara, ba ya kuma kore ta. Abin da nake roƙo tun farko shi ne a dakata da aika saiwar nan har a duba idon da rana, a dubi fitsarinsa, in da hali a ɗebi jini. Zan faɗi dalili a gaba.

Kyamarar waya ba ta ɗaukar launi yadda yake, kintata take yi. Tana duba wurin ta zaɓi abin da take zaton fari ne, sannan ta daidaita sauran launuka a kansa. Idan an ɗauki hoton a ɗaki mai ƙwan lantarki mai ja-ja-ja, ko dab da magariba, ko kusa da bango mai fentin ruwan ɗorawa, duk wani farin abu zai ɗauki rawaya-rawaya. Ga kuma gyaran fuska da wayoyi da yawa ke yi da kansu, ga matse hoton da ake yi in an tura shi ta WhatsApp, ga fuskar wayar mai kallo, wadda wataƙila an kunna mata hasken kare ido na dare da ke sa komai ya yi ɗorawa. Saboda haka ki sake buɗe hoton ki nemi wani farin abu a ciki: farar shadda, hula, takarda, ko idon abokinsa da ke tsaye kusa da shi. In su ma sun yi rawaya, to haske ne. In rigar fara ce tas, idon abokin fari ne, nasa ne kaɗai ya bambanta, maganar Hajiya ta ƙara nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin haka. Hasken ƙwan lantarki mai rawaya yana ɓoye shawara ta gaske, kyamara kuma tana iya wanke ta ta mayar da idon fari. Mu kanmu a asibiti, shawarar da ba ta yi ƙarfi ba kan wuce mu a zagayen dare, sai da safe kusa da taga a gan ta sarai. Don haka ko ya turo sabon hoto da ido fari, wannan bai rufe magana ba.

Yadda za a duba shi ne ya fita waje da hantsi, ya tsaya a inuwa mai haske, ba cikin rana tsaka ba. Wani abokinsa ya ɗaga masa fatar ido ta sama da babban yatsa, shi kuma ya kalli ƙasa, a dubi farin da ke ɓoye ƙarƙashin fatar. Wannan wurin shi ne shaida, domin rana da ƙura ba sa kaiwa gare shi. Shawara tana rina farin ido gaba ɗaya, idanu biyun, har can lungun da fata ke rufewa, kuma rinin bai-ɗaya ne, ba tabo-tabo ba. Sai ya ɗaga harshe a dubi ƙarƙashinsa. Mu baƙaƙen fata ba kasafai ake ganin shawara a fatar jikinmu ba sai ta yi nisa, shi ya sa ido da ƙarƙashin harshe suka fi mana amfani.

Akwai idanu da yawa a ƙasarmu da ba farare ba ne kuma hantar masu su lafiya lau take. Wanda ya tashi cikin rana da ƙurar hunturu da hayaƙin itace, musamman manomi, ɗan acaɓa ko mai aikin gini, farin idonsa kan yi duhu-duhu kamar ruwan ƙasa. Bambancinsa da shawara shi ne yana tsayawa a tsakiyar da ke buɗe tsakanin fatun ido, in an ɗaga fatar sai a tarar da fari a sama. Wasu kuma wani ɗan tudu ne mai launin kitse ke fitowa gefen baƙin ido, galibi ta wajen hanci. Shi ma aikin rana da ƙura ne, a hoto yakan yi kama da shawara, amma wuri ɗaya yake zaune shekara da shekaru. Yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido na dogon lokaci, masu yawan murza shi, idonsu kan koma ruwan goro. Wanda jini ya taɓa kwanta masa a farin ido, bayan bugu ko tari mai tsanani, wurin kan yi rawaya sa'ad da jinin ke washewa, amma ido ɗaya ne kuma an ga jan tun farko. Mai yawan cin manja, karas, gwanda da mangwaro kuwa tafin hannunsa da na ƙafarsa ne ke yin ɗorawa, farin idonsa yana nan fari, kuma da wannan ake raba shi da shawara.

Bari in ɗan ratse, domin wasu iyaye za su karanta wannan. Idan a hoton da aka ɗauka da filasha ba farin idon yaro ne ya canza ba, tsakiyar baƙin ne ya haska fari ko rawaya kamar idon kyanwa da dare, musamman a ido ɗaya, wannan ba shawara ba ce kuma ba maganar hanta ba ce. Yana iya zama yanar ido, ko ciwon jijiyoyin jinin bayan ido, ko sankarar ido ta ƙananan yara. A kai shi wurin likitan ido cikin makon, kada a jira.

Shawara ba sunan cuta ɗaya ba ne, alama ce, kamar yadda zazzaɓi alama ne. Jajayen ƙwayoyin jininmu suna rayuwa kimanin kwana 120, in sun tsufa saifa ta farfasa su. Daga abin da ya rage ne ake samun wani rini mai launin rawaya da ake kira bilirubin. Jini ya kai shi hanta, hanta ta sarrafa shi ta yadda zai narke a ruwa, ta zuba shi cikin ruwan maɗaciya, ya bi wani siririn bututu zuwa hanji. Shi ne ke ba bayan gida launinsa. A jinin mai lafiya bilirubin ba ya wuce 17 zuwa 21 µmol/L, wato kimanin 1 zuwa 1.2 mg/dL, ya danganta da ma'aunin ɗakin gwajin. Ido ba ya fara nuna shi sai ya kai wajen 45 zuwa 50 µmol/L. Wannan na nufin duk ran da aka ga rawaya ta gaske a ido, rinin ya riga ya ninka ƙa'ida sau biyu ko uku.

Wuri uku ne hanyar nan ke iya lalacewa, kuma duk gwaje-gwajen da za a rubuta masa neman wurin suke yi. Ko dai jini na fashewa da yawa har ya fi ƙarfin hanta, kamar a sikila, inda ƙwayar jini ke rayuwa kwana 10 zuwa 20 kacal, ko a maleriya mai tsanani. Ko hantar kanta ce ta kumbura, saboda ƙwayar cutar hanta, ko magani, ko jiƙo, ko giya. Ko kuwa hantar ta yi aikinta amma bututun ya toshe, da tsakuwar maɗaciya ko da ƙari.

Kafin a kai ga allurar ɗibar jini, fitsari da bayan gida sun riga sun ba da rabin labari, don haka ki tambaye shi ba tare da kunya ba. Bilirubin da hanta ba ta sarrafa ba tukuna ba ya iya fita ta ƙoda. Wanda ta sarrafa, in ya rasa hanya ya komo cikin jini, yana fita a fitsari ya mayar da shi kamar baƙin shayi, in an girgiza shi a kwalba kumfar ma rawaya ce. Saboda haka ido rawaya da fitsari mai launin yau da kullum yana karkata ga matsalar da ke faruwa kafin hanta ta sarrafa rinin, kamar fashewar jini. Ido rawaya da fitsari kamar shayi yana karkata ga hanta ko bututu, ko da yake fashewar jini mai tsanani ita ma tana baƙanta fitsari ta wata hanyar. In kuma bayan gida ya koma fari-fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayin jiki da ke hana barci ba tare da ƙuraje ba, toshewa muke fara zargi. A kula, fitsarin mai azumi ko wanda ya wuni a zafin Afrilu bai sha ruwa ba shi ma yana yin duhu, amma yana washewa in ya sha ruwa sosai. Na shawara ba ya washewa.

A asibiti, likita zai yi tambayoyin da za su iya yi masa kamar ba su da alaƙa da ido. Ko ya yi zazzaɓi, ko abinci ya fita masa a rai, ko yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wane magani ya sha cikin wata uku da suka wuce, har da na kemis da na gargajiya da na ƙarin ƙarfi ko ƙiba. Ko an taɓa ƙara masa jini, ko ya yi ƙaho, ko aski da yankan farce da kayan da ba nasa ba. Ko a gidanku akwai mai sikila, ko wanda ciwon hanta ya kashe. Ya faɗi gaskiya duka, domin sau da yawa amsar tana cikin waɗannan kafin sakamako ya fito.

Gwajin farko shi ne na aikin hanta, wanda ake rubutawa LFT a takarda. A nan ina so ki riƙe abu ɗaya: kada a tsaya ga jimillar bilirubin kaɗai, a tabbatar an raba shi biyu, wanda hanta ta sarrafa da wanda ba ta sarrafa ba. A takardar sakamako za ki ga Total da Direct, ko Conjugated. In Direct ɗan kaɗan ne, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na jimilla ba, matsalar ba toshewa ba ce, sai a juya ga jini. In shi ne rabi ko fiye, hanta ce ko bututu. Daga nan sai a dubi ALT da AST, waɗanda ke tsiyayowa cikin jini in ƙwayoyin hanta sun ji rauni, kuma a mai lafiya ba sa wuce wajen 40. Sai ALP, wanda ke tashi in ruwan maɗaciya ya rasa hanya. Ba a karanta su ɗaya-ɗaya, ana duba wanne ne ya fi yin nisa da ƙa'idarsa. ALT ya ninka sau talatin ALP ya ɗan motsa, kumburin hanta ne. ALP ya ninka sau huɗu ko biyar ALT ya ɗan motsa, a nemi toshewa. ALP kuma yana fitowa daga ƙashi, yana hawa a yara masu girma da mata masu ciki, shi ya sa in an yi shakka ake ƙara GGT don a tabbatar daga hanta yake.

Tare da wannan ana yin FBC ko aƙalla PCV don a ga ko jini ya ragu, da gwajin maleriya, da gwajin fitsari na tsinke. In alamu sun nuna jini ke fashewa, sai a ƙirga sababbin ƙwayoyin da ɓargo ke fitarwa, a duba jinin a madubin gwaji, a duba nau'in jini na sikila, a kuma auna G6PD. Wannan na ƙarshen wani sinadari ne da ke kare ƙwayar jini, maza da yawa a Afirka ta Yamma an haife su da ƙarancinsa ba su sani ba, sai ran da suka sha wani magani irin na dangin salfa ko firimakwin, bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya fitsari ya yi baƙi. Wani abin lura shi ne in an auna shi a tsakiyar fashewar yana iya fitowa daidai alhali akwai ƙarancin, domin tsofaffin ƙwayoyin sun riga sun mutu, sababbin ne aka auna. Ana maimaitawa bayan kimanin wata uku.

In alamu sun nuna hanta, sai gwajin ƙwayoyin cutar hanta: HBsAg na nau'in B, da na nau'in C, da na A da E inda ake da su. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, don haka ba gwajin da za a tsallake ba ne. In alamu sun nuna toshewa, ko akwai ciwo a gefen dama, sai hoton ciki na sikanin, a je ba a ci komai ba na awa 6 zuwa 8 don maɗaciya ta cika ta fito sosai. Abin da mai hoton ke nema shi ne tsakuwa, da ko bututun ya buɗe fiye da kima, da yanayin hantar da saifa.

Akwai gwaji ɗaya da ake yawan mantawa alhali shi ne ke gaya mana girman haɗari, wato PT/INR, ma'aunin saurin daskarewar jini. Hanta ce ke ƙera yawancin abubuwan da ke daskarar da jini. ALT yana faɗin yawan raunin da aka ji mata, INR yana faɗin ko har yanzu tana iya aiki. Na fi samun natsuwa da mai ALT 2,000 da INR 1.1 a kan mai ALT 300 da INR 2.

Bari in ba ki misalin wani matashi da na duba, sa'an ƙanenki ne kusan, ɗan shekara 24, tela. Ya yi mako guda da kasala da tashin zuciya, ƙamshin miya ma ba ya so. A wani kemis aka ce masa maleriya da taifot ne, aka ba shi magunguna kala biyar. Wannan yana ci mini rai, domin gwajin Widal da ake dogara da shi yana nuna taifot a mutane da yawa da ba su da ita, sai a rufe bincike a nan. A kwana na takwas matarsa ta ga idon. Sakamakonsa ya nuna jimillar bilirubin 140 µmol/L, Direct 105, ALT 1,450, AST 980, ALP 160, PCV kashi 41, ba maleriya, INR 1.1.

Ga yadda muka karanta. Kashi uku cikin huɗu na rinin wanda hanta ta sarrafa ne, jininsa kuma bai ragu ba, to ba fashewar jini ba ce. ALT ya ninka ƙa'ida fiye da sau 30, ALP kuwa da ƙyar ya haura, to ba toshewa ba ce, kumburin hanta ne. INR daidai, hankalinsa garau, yana iya shan ruwa da kunu, to hantar na riƙe da aikinta, ba sai an kwantar da shi ba. HBsAg ya fito yana da shi. A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, kuma a nan kuskure ke shiga. A wurin da mutum 8 cikin 100 ke ɗauke da ƙwayar, wasunsu tun yarinta, samun HBsAg bai tabbatar da cewa ita ce ta kawo shawarar yau ba. Yana iya zama tsohon mai ɗauke da ita ne, sai nau'in E ko wani magani ko jiƙo ya hau kai. Muka ƙara IgM anti-HBc, wanda ke nuna sabon kamu, ya fito da ƙarfi, labarinsa ma ya dace da hakan. Muka tsayar da duk magungunan kemis ɗin, muka ce ya ci abin da ransa ke so, ya huta, ya dawo duk mako a sake ALT da INR. Aka gwada matarsa ba ta da ita, aka fara mata rigakafi, aka duba katin rigakafin ɗansu. Cikin mako shida ido ya washe, ALT ya sauko ƙasa da 100. Bayan wata shida muka maimaita HBsAg ya ɓace. Haka yake faruwa ga kusan 95 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna manya. Waɗanda suka kamu suna jarirai kuwa, kusan 90 cikin 100 tana zama musu ta dindindin. Da ya wuce wata shida tana nan, da sai a shiga wani babin na auna yawan ƙwayar da duba ko yana buƙatar magani na dogon lokaci.

Wannan labarin ne ya kawo ni kan saiwar rawaya. Da an ba telan nan jiƙo, da ya warke a mako shidan nan dai, da kuma an ce jiƙon ne. Daga irin haka ne maganar "shawara ba ta asibiti ba ce" da "mai shawara ba a yi masa allura" suka samu gindin zama, domin mafi yawan sabon kumburin hanta yana warkewa da kansa. Amma duk abin da aka haɗiya hanta ce ke tace shi, jiƙo kuwa ba a san ƙarfin kofi ɗaya ba, sau da yawa ma haɗi ne na itatuwa da dama. Ɗora wa hanta mai rauni wannan aiki caca ce. In kuma matsalar tsakuwa ce ta toshe bututu, ko maleriya ce ke farfasa jini, kowace rana da aka yi ana jiƙo rana ce da aka rasa. Ga shi in an sha kafin gwaji, likita ba zai iya raba abin da cuta ta yi da abin da jiƙon ya yi ba. Farasitamol ma a yi hattara: babba mai lafiya ba ya wuce giram 4 a yini, mai shawara kuwa kada ya sha sai da izinin likita, kuma magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki.

Game da ƙanenki, abubuwa biyu a tambayarki sun ja hankalina: hoton ƙaramar Sallah ne, wato bayan wata guda na azumi, kuma ya ce ba abin da ke damunsa. In har an duba da rana an ga rawayar gaske ce amma mara ƙarfi, fitsarinsa kuma daidai, akwai wani hali na gado da likitocin Faransa Gilbert da Lereboullet suka bayyana a 1901, ana kiransa da sunan na farkon. Masu shi hantarsu lafiya take, sai dai tana da ɗan jinkiri wajen sarrafa bilirubin. An fi gane shi a samari, kuma yana fitowa ne in mutum ya yi azumi, ko ya yi rashin barci da wahala irin ta lokacin jarrabawa, ko ya yi ɗan zazzaɓi. Sakamakon irinsu kan zo kamar haka: jimilla 48, Direct 6, ALT 22, PCV kashi 44, komai daidai sai wanda ba a sarrafa ba. Ba ya lalata hanta, ba ya buƙatar magani ko ƙauracewa wani abinci, in an koma cin abinci yadda aka saba rawayar kan ja baya cikin 'yan kwanaki. Amma ba a sa wa mutum wannan suna daga hoto ko daga waya. Sai an ga ALT da ALP daidai, an ga jini ba ya fashewa, ni kuma a nan ƙasar ba na sallamarsa sai na ga HBsAg, domin mai ɗauke da nau'in B yakan yi shekaru yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Akwai yanayin da ba a jiran safiya. Mai shawara da ya fara ruɗewa, ko yana barci da rana yana farkawa da dare, ko maganarsa ta canza. Wanda ke zubar jini ta hanci ko dasashi, ko aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Wanda ke da zazzaɓi mai karkarwa tare da ciwo a gefen dama, domin wannan yana nuna bututu ya toshe kuma ƙwayoyin cuta sun taru a bayansa. Mai sikila da idonsa ya fi yadda aka saba gani rawaya, ga haki ga tafin hannu ya yi fari. Sai mace mai ciki, ko yaya shawarar take: nau'in E, wanda ke bin gurɓataccen ruwa kuma ya yi ɓarna a Diffa da Ngala a 2017, yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar in ya kama ta a watannin ƙarshe. Wanda kuma shawara ta biyo masa bayan zazzaɓi cikin mako biyu, musamman in ba a taɓa yi masa rigakafin zazzaɓin shawara ba ko ya je daji, ana ɗaukar jininsa a aika babban ɗakin gwaji, domin cutar ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017, ta kuma taɓa yankin Yankari a Bauci a 2019. Jariri sabon haihuwa lissafinsa daban ne gaba ɗaya: rawaya a ranar farko, ko wadda ta sauko har tafin ƙafa, ko jaririn ya ƙi kama nono, ko ta wuce mako biyu, duk na asibiti ne nan take, kuma a nisanta shi da ƙwallon kafur na cikin kaya da lalle.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki kira shi gobe da hantsi a sa abokinsa ya duba idon yadda na kwatanta, ki tambaye shi launin fitsarinsa da magungunan da ya sha tun kafin azumi. In farin da ke ƙarƙashin fatar ido fari ne, ki kwantar wa Hajiya da hankali, amma ya yi HBsAg in bai taɓa yi ba, in ba shi da ita ya karɓi rigakafi, allura uku ne cikin wata shida. In rawaya ce ko an yi shakka, ya je asibitin makarantarsu cikin kwana biyu, ya tafi da kwalayen duk abin da ya sha, a yi masa LFT mai raba bilirubin, da FBC, da gwajin maleriya, da na fitsari, da HBsAg. In Direct ko ALT ya fito sama, ya tambayi likitan maganar INR kafin ya bar wurin.